Cike gira a hoto: wace manhaja ta cancanci kuɗinka?

Kafin ka biya ko sisi, ka zuƙo hoton ka dubi girar da kyau. Akwai wadda gashinta ya yi shara-shara amma siffarta na nan, akwai kuma wadda wutsiyarta ta ɓace gaba ɗaya. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farkon ba ta buƙatar kashe kuɗi. Snapseed kyauta ce, kuma Brush ɗinta na Dodge & Burn, idan ka sa shi a -5, zai ɗan duhunta fatar da ke leƙowa tsakanin gashin. Iyakarta ke nan, ba ta zana gashi. Irin su YouCam Makeup kuwa gira shiryayya suke ɗorawa. Ta isa hoton da za a sa a WhatsApp, amma da zarar fuskar ta ɗan karkata sai ka ga girar tana shawagi a kan fata, baƙa wuluk, gefenta kamar an yanka da reza. A hoton amarya da za a wanke babba, ni dai ba zan yarda da ita ba.

Girar da ta rasa wutsiya sai an zana ta gashi ɗaya-ɗaya, a nan ne Photoshop ke cin kuɗinsa na wata-wata. A ce wutsiyar girar hagu ce babu. Ka buɗe sabon Layer, ka danne Alt ka ɗebo launi daga gashin girar kanta, kada ka zaɓi baƙi da hannunka, don hasken da ke kan fuskar ya riga ya shiga wannan launin. Burushin ya zama siriri, pixel 1 zuwa 3 gwargwadon girman hoton, Flow wajen 30%. Sai ka bi kwanciyar gashin: na kusa da hanci sama yake miƙewa, na tsakiya ya karkata, na wutsiya ya gangara wajen kunne. Idan ka gama za ka ga zanenka ya fi sauran hoton kaifi, to ka ba shi Gaussian Blur na 0.3 zuwa 0.5, sannan ka rage Opacity har ya saje da girar dama. Kada ka kwafo ta daman ka juya ta, inuwar za ta faɗi a gefen da bai dace ba.

Duk wannan Photopea da GIMP ma suna yi, kuma kyauta.

Inda kuɗi ke da amfani sosai shi ne allon zane mai alƙalami, irin na Wacom ko Huion. Da shi gashin kan fara da kauri ya ƙare da tsini, daidai yadda ka danna. Wanda bai da shi ya shiga Shape Dynamics a saitin burushin Photoshop ya mayar da Control zuwa Fade. Burusan gira na sayarwa kuwa, masu .abr, su ne na ƙarshe a lissafina, domin idan ka buga ɗaya sau uku ido zai gane maimaicin.