Rahoton tallan da ya nuna mini kashi 5.5 alhali gaskiyarsa 1.18 ce

Na ɗauki wani kamfani ya riƙa kula da tallan atamfa da leshi da nake yi a intanet, yana aiko mini da rahoto duk mako, kuma a wajen tsara hotuna da amsa waya ba ni da ƙorafi. Abin da ya ɓata mini rai layi ɗaya ne a ƙasan rahoton, inda suke rubuta matsakaicin kason masu danna talla.

A wata rana tallan leshi ya bayyana sau 1,000 aka danna shi sau 100, wato kashi 10 cikin ɗari, shi kuwa tallan atamfa ya bayyana sau 49,000 aka danna shi sau 490, wato kashi 1. Sai suka haɗa 10 da 1 suka raba biyu, suka rubuta 5.5, kamar dai tallan biyu girmansu ɗaya. Da wannan adadi gaskiya ne, da an samu dannawa 2,750 daga bayyana 50,000, amma 590 kaɗai aka samu, wanda ke nufin kashi 1.18. Wannan ninkawar ce hanya mafi sauƙi ta gane ɓarnar: idan ka ninka kason da aka ba ka da jimillar bayyana bai maido da ainihin yawan dannawa ba, lissafin ya karkace.

Dalili shi ne irin wannan matsakaici yana ba ƙaramin talla murya daidai da babba, kuma ba ya dacewa da gaskiya sai idan yawan bayyanar tallan biyu daidai yake, ko kuma kasonsu ɗaya ne. Gyaran shi ne a ba kowane kaso nauyin yawan bayyanarsa. A Excel, idan bayyana tana rukunin B, kaso yana rukunin D:

```
=SUMPRODUCT(B2:B3,D2:D3)/SUM(B2:B3)
```

Da na nuna musu, sun amsa cikin ladabi kuma suka gyara kafin rahoto na gaba, har na fara cewa zan tura musu abokan kasuwanci.

Sai dai da na duba layin kuɗin kowace dannawa, na tarar cutar tana nan. Leshi ya ci naira 2,000, wato naira 20 a dannawa, atamfa ta ci naira 49,000, wato naira 100, su kuma suka rubuta 60, alhali 51,000 a raba da 590 ya haura naira 86. A nan yawan dannawa ne nauyin, ba bayyana ba, domin abin da aka raba da shi tun farko shi ne ma'aunin nauyi. A kan wannan 60 ɗin aka shawarce ni na ƙara kuɗin talla, kuma har yau tsofaffin rahotannin suna nan yadda suke, saboda haka na dakatar da biyan kuɗin wata mai zuwa sai sun sake lissafa su.