Tsohon bidiyo da kallonsa ya ragu amma ana nemansa: a sake ɗorawa, a gyara, ko a sauke?

"Salam ƴan uwa. Ina da bidiyo na 2022 a YouTube kan yadda ake haɗa panno da batir da regilater, minti 14. Da yana kawo kallo wajen 3,000 a wata, yanzu da ƙyar 1,200. Amma na duba, masu zuwa ta bincike suna nan wajen 900 kamar da. In goge in sake ɗorawa, in yi masa montaj, ko in sauke shi kawai in huta?"

Wa alaikumus salam malam. Kar ka goge tukuna, cire hannunka daga wurin.

Lissafin da ka kawo da kanka ya riga ya faɗi rabin amsar. In da 3,000 ne kuma 900 daga bincike suke, to 2,100 YouTube ne yake tura maka su ta shafin farko da gefen bidiyon wasu. Yanzu wannan ya koma 300. Abin da ya mutu ke nan, turawar, kuma haka take yi wa galibin bidiyo in ya kwana biyu. Amma mutum 900 da suka zauna suka rubuta abin da suke nema da hannunsu suka faɗo kanka, waɗannan kwastomomi ne na gaske, kuma matsayin da ka samu a bincike yana manne da wannan linkin ne, ba da kai ba, ba da fayil ɗin da ke cikin wayarka ba. Kamar rumfa ce a bakin hanya cikin Kasuwar Dole, in ka tashi ka koma lungu da kaya iri ɗaya ba lallai mutane su biyo ka ba, wani ne zai zauna wurin.

Kafin komai ka shiga YouTube Studio ka buɗe alƙaluman bidiyon, ka taɓa Recherche YouTube, ko YouTube search in wayarka da Ingilishi take. Zai nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta. Kuma don Allah ka gwada wata da irinsa na bara, Afrilu da Afrilu, kada ka gwada Afrilu da Agusta. Mu nan Damagaram mun san lokacin da kowa ke tuna sola, sai zafi ya taso kuran na ɗaukewa, da damina ta zauna an manta. Wani faɗuwar kallon ba komai ba ne illa kalanda.

To ga yadda ukun suke in an jera su.

Sake ɗorawa shi ya fi jan hankali kuma shi ya fi tsada. YouTube ba ya bari ka canja fayil a ƙarƙashin tsohon linki, duk abin da ka ɗora sabo ne, sabon adireshi, kallo daga sifili, komanter babu ko ɗaya. Kuma bidiyo irin naka rabin amfaninsa yana cikin komanter, wani ya tambayi kaurin waya ka ba shi amsa, wani ya tambayi fiyus nawa zai sa, duk wannan zai tafi. Linkin da aka yi ta turawa a WhatsApp shekara da shekaru shi ma ya mutu in ka goge. In kuma ka bar tsohon ka ɗora fayil ɗin nan dai ba canji, yana iya ƙin karɓa ya ce maimai ne, in ma ya karɓa to ka haɗa bidiyonka biyu suna kokawa kan kalma ɗaya. Abin da ake samu a ciki shi ne ƴar iskar nan ta kwanakin farko da abone ɗinka za su gani. Amma su abone sun riga sun kalla ai, ba su ne masu neman sa yau ba.

Gyara a wurin, wato sashen Montage cikin Studio, shi ne akasin wannan. Linki na nan, kallo na nan, komanter na nan. Sai dai ka san iyakarsa tun wuri don kar ka ɓata forfe: almakashi ne kawai. Yana yanke farko, ƙarshe ko tsakiya, yana dushe fuska ko lambar waya da ta fito, yana sa kiɗa daga rumbunsu. Ba ya ƙara sabon hoto ko sabuwar magana taka ko daƙiƙa ɗaya. Don haka tambayar da za ta raba maka gardama ita ce, ciwon bidiyon nan abin cirewa ne ko abin ƙarawa?

Nan zan ɗan daɗe don nan aikin yake. Buɗe zanen nan da ke nuna inda mutane ke tsayawa da inda suke gudu. Mai bincike ba kamar abone ba ne, shi yana tsugune kan rufi ko cikin zaure da waya ja da baƙa a hannu, rana na dukansa, so yake ya ga wace zai fara ɗaurawa. In ka ga layin ya zube tun cikin minti na farko sannan ya ɗan yi tudu wajen, mu ce, 5:10, to mutane tsallake gaisuwa suke suna neman inda ka kama aiki. Mu kuma Allah ya yi mu da doguwar gaisuwa, sallama, godiya ga masoya na gida da na waje, a danna ƙararrawa, kafin a taɓa batir an ci minti biyu. A ce naka 1:40 ne, yanke shi. Amma ka tuna komai zai matso, abin da ke 5:10 ya koma 3:30, to sai ka sake rubuta lokutan da ke cikin bayanin bidiyon, ka kuma duba katunan da allon ƙarshe ko suna inda ka aje su.

In ba ka taɓa sa babi-babi ba ka sa yanzu, cikin bayanin ƙasan bidiyo ake rubutawa. Sharaɗin uku ne, na farko ya fara da 0:00, su kai uku aƙalla, kowane ya kai daƙiƙa 10. Ka sa musu sunan abin da ka gani mutane na rubutawa a bincike:

```
0:00 Kayan da ake buƙata
1:15 Haɗa batir da regilater
3:30 Haɗa panno
```

In kuma ƙaramin kuskure ne a bidiyon, kamar ka faɗi lamba ba daidai ba sau ɗaya, ba sai an rushe gida ba. Akwai layin gyara da ake sawa cikin bayanin, sai ɗan kati ya fito wa mai kallo a kusurwar allo:

```
Correction:
6:20 Fiyus ɗin yana kan wayar ja, kusa da batir
```

Take da hoton bango su ma ana canjawa ba tare da an rasa komai ba. Sai dai taken da ke kawo maka mutum 900 a wata ba abin wasa ba ne, kalmomin da ake samunka da su ka bar su a gaba yadda suke, ka gyara na bayansu kawai. Hoton bango kake taɓawa in ka ga Impressions, wato yawan nuna wa mutane hoton da YouTube ke yi, na nan daram amma masu dannawa sun ragu, alamar wasu sabbi sun fito gefenka da hoto mai haske. Kuma abu ɗaya ɗaya, in ka canja take da hoto da yanka rana guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka ba kowane sati uku zuwa huɗu.

Abu biyu na kiyayewa. Montage a ordinata ya fi daɗi, in babu ka shiga siber ko ka buɗe Studio ta Chrome ka juya shi yanayin ordinata, kuma bayan ka adana yana iya ɗaukar awoyi kafin ya gama, kada ka ce rezo ne ka yi ta maimaitawa. Sannan ka tabbata asalin fayil yana hannunka kafin ka sa almakashi, kada ka dogara cewa za ka iya mayar da shi yadda yake. In bidiyo ya wuce kallo 100,000 ma ba ya barin a adana yanka sai tashar da ke cikin tsarin samun kuɗi, ka duba naka.

Saukewa kuwa, ni a wurina dalili ɗaya ne ke sa ta, in bidiyon yana koyar da abin da zai cuci mutum kuma abin ya ratsa shi duka ba ya yankuwa. Misali in ka nuna a fara haɗa panno da regilater kafin batir. Ƙa'ida batir ake fara ɗaurawa don regilater ya gane 12 ne ko 24, sannan panno, wajen kwancewa kuma a fara da panno. Bidiyon da ya juya wannan yana iya ƙona wa mutum kayan jikka da yawa, to yawan nemansa ma shi ne matsalar. Ko a nan ɗin ba gogewa ba, gogewa ba ta dawowa. Non répertoriée yana fitar da shi daga bincike amma mai linki na iya kallo, Privée kuma ya rufe shi ga kowa sai wanda ka gayyata da kanka, duka biyun ana iya juyawa gobe. Masu harin awa 4,000 na kallo cikin wata 12 don shiga tsarin samun kuɗi su lura, awannin bidiyon da aka goge ko aka ɓoye ba sa shiga lissafi. Naka in kowane mai bincike yana zama minti 4, 900 sau 4 minti 3,600 ne, awa 60 a wata, 720 a shekara, daga bidiyon da ba ka ƙara kashe masa ko dala ba.

Saura inda ciwon abin ƙarawa ne, kuma ina zargin naka akwai wannan. Galibin irin waɗannan bidiyon da batir jel ko na ruwa da ɗan regilater PWM aka yi su, yanzu kuwa batir litiyom da regilater MPPT sun shigo hannun mutane. In ka ga waɗannan kalmomin cikin jerin binciken, ko komanter na baya-bayan nan duk tambayarsu ke nan, to sabon bidiyo za ka ɗauka daga farko, da takensa daban mai ɗauke da litiyom ɗin, ba tsohon da aka yi wa kwalliya ba. Tsohon ya zauna don har gobe akwai masu jel. Sai ka ɗaura su da juna, kati a daidai inda ka fara maganar batir, allon ƙarshe wanda ke fitowa cikin daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshe, da komanter ɗinka da za ka maƙale a sama mai cewa mai litiyom ya bi nan. Mutum 900 ɗin nan su za su ɗaga sabon.

Da ni ne, satin nan yankan gaisuwa da babi kawai zan yi, in bar take da hoto yadda suke. Turo mana hoton allon kalmomin binciken da na zanen inda ake gudu, daga nan za a ga ko sai an hau rufi an ɗauki na litiyom kafin zafi ya shigo.