Wata takwas da inbata mai araha kafin na canza: abin da fankata da firijina suka sha

Inbatar da na fara saya, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta soket, mai wat 1000 ce, ta batir mai bolt 12, kuma abu biyu kawai na duba kafin in biya: yawan wat ɗinta da sauƙin kuɗinta. A shafin da na gan ta an rubuta `Modified Sine Wave` a ƙarƙashin sunanta, ban ma tsaya a kan rubutun ba. Wata takwas na yi da ita, sannan na koma wadda aka rubuta wa `Pure Sine Wave`, ita ma wat 1000, a kan batirin nan dai da kayan nan dai. Tunda komai ɗaya ne in ban da inbatar, ina ganin na samu damar da zan faɗi bambancinsu da bakina.

Daren farko na ji alamar. Ina kunna fankar tsaye sai ta kama wani gurnani, zzzz, wanda ba ta yi a wutar layi. Iskarta ma ta ɗan ragu. Bayan kamar awa biyu na ɗora tafin hannuna a bayan kanta, inda moto yake, sai na ji zafin da ban iya barin hannun ya daɗe ba. Fankar nan kuwa na san ta, a wutar layi takan kwana tana juyawa ɗumi kawai za ka ji. Kwamfutata da wayoyi da talabijin duk suna aiki lafiya lau, shi ya sa na ɗora laifin a kan fankar, na ce tsufa ne.

Sai na ɗauko ƙaramar mitata na gwada soket, ta nuna bolt 180 da ɗoriya. Na yanke hukunci cewa wutar ce ba ta cika ba, na sa sitabilaiza tsakanin inbata da fanka. Abin ya ƙara lalacewa. Sitabilaizar kanta ta shiga gurnani, tana ta ƙas-ƙas tana canza mataki, jikinta na ɗaukar zafi. Wani mai gyaran lantarki da na kira ne ya warware min. Ya ciro tasa mitar, mai rubutun `True RMS` a goshinta, ya soka a soket ɗin, ta nuna 229. Ya ce min, “Malam, wutarka a cike take. Siffarta ce ba ta yi ba, mitarka kuma ba ta iya karanta irin wannan siffar.”

Wannan maganar ita ce gaba ɗayan zancen, don haka bari in tsaya a kanta. Wutar layi ba tsaye take wuri ɗaya ba. Inda ake amfani da bolt 230, takan hau a hankali daga sifili har ta kai kusan 325, ta gangaro a hankali, ta wuce ƙasa zuwa ɗaya ɓangaren, ta dawo, sau 50 a kowace daƙiƙa. Kamar lilo take, babu inda take fizga. Inbata mai tsadar tana kwaikwayon wannan lilon sosai, shi ya sa nake ce mata mai wutar santsi. Mai arahar kuwa tsalle take yi: tana sifili, sai ta daka tsalle zuwa sama ta tsaya cak, ta faɗo sifili ta ɗan huta, sannan ta daka tsalle zuwa ƙasa. In aka zana ta, matakala za ka gani. Idan aka yi lissafin ƙarfin dumamawarta, daidai take da 230, amma hanyar da ta bi ta kai can daban ce.

Ga dalilin da mitata ta ruɗe ni. Mita mai araha matsakaicin wutar take aunawa, sannan ta ninka shi da 1.11, domin an ƙera ta da zaton kullum wutar santsi za ta gani. Ɗauki wutar matakala da ke zama a 325 rabin lokaci, a sifili rabin lokaci. Matsakaicinta 162.5 ne, in ka ninka da 1.11 sai ka samu kusan 180. Lambar da na gani ke nan. Saboda haka duk wanda ya gwada inbatarsa da mita ta yau da kullum ya ga tana nuna ƙasa sosai, alhali kwan fitila mai zare yana haske yadda ya saba, to akwai alamar mai matakala ce a hannunsa, ko me aka rubuta a kwalinta. Kada ya yi gaggawar sayen sitabilaiza kamar yadda na yi, domin ita ma taransifoma ce a cikinta, kuma taransifoma na cikin waɗanda wannan wutar ta fi wahalarwa.

Me ya sa moto ke zafi? Waɗannan tsalle-tsallen suna ɗauke da ƙarin kaɗawa masu sauri a kan ta asali, irin na sau 150, da 250, da 350 a daƙiƙa. Moton fanka ko na firij an naɗa koyil ɗinsa ne don kaɗawar sau 50 kaɗai. Sauran ba sa taimaka masa wajen juyawa, wasu ma ja da baya suke yi, sai su ƙare a matsayin zafi da ƙara. Gurnanin da na ji a daren farko, ƙarfen moton ne ke karkarwa da su. Zafi kuwa shi ke cin fentin da ke rufe wayar koyil, a hankali, ba rana ɗaya ba. Wannan ne ya sa mutane da yawa ke cewa sun yi shekara da irin wannan inbatar ba abin da ya ƙone. Gaskiya suke faɗa, sai dai kwanan kayan ne ke raguwa ba su gani.

Firij ne ya fi tayar min da hankali. Ƙarami ne, wajen wat 120 yake ci idan yana tafiya, to ina ganin wat 1000 ai ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Amma kwamfiresa, wato injin da ke sa firij sanyi, a lokacin tashi takan ja ninki biyar ko fiye na abin da take ci, na ɗan ƙiftawar ido. A wutar matakala tashin yana yi mata nauyi. Sai in ji ta yi gurnani na 'yan daƙiƙu, sannan ƙas, ta yi shiru. Bayan minti biyu ko uku ta sake gwadawa. Wannan ƙas ɗin ɗan makunnin kariya ne da ke manne a jikin kwamfiresa, yana yanke wuta idan ta yi zafi ko ta ja wuta fiye da kima. Abin ya fi yawa can cikin dare, lokacin da batir ya fara sauka. In ka ji firijinka na wannan a kan inbata, ka cire shi nan take. Kowane yunƙurin da ya gaza, koyil ɗin ne ke gasuwa, kuma canjin kwamfiresa ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya mutu min murus kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a gidan: fitilar caji, irin wadda ake soka ta kai tsaye a soket ba tare da wata caja ba. Na bar ta tana caji, na dawo na tarar da ƙauri, robar gefenta ta narke. Da muka buɗe, babu taransifoma a ciki, kafasito ɗaya ne ke rage wutar, da ɗan rezisto a gefensa wanda ya yi baƙi ƙirin. Kafasito yana barin wuta ta wuce gwargwadon saurin canzawarta. A wutar santsi canjin a hankali ne, sai ya saki kaɗan. A wutar matakala kowane tsalle bugu ne, sai wuta mai yawa ta kutsa lokaci guda, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Tocilan caji, wasu injinan aski masu caji da wasu ƙananan kwayayen fitila masu araha duk haka aka yi cikinsu. Wat biyu ko uku suke ci, amma sun fi firij saurin mutuwa, wannan ya nuna maka cewa ba girman kaya ne ma'auni ba.

Sauran zan bi su da sauri. Lasifika da amfilifaya suna fitar da zzzz a ƙarƙashin sauti. Maikirowef yana ƙara amo, yana kuma daɗewa kafin ya dumama abu. Firinta mai leza, injin wanki mai allon lantarki, injin jan ruwa da makunnin rage hasken fitila duk ba sa shiri da ita. Na'urorin lafiya kuwa, kamar injin tace iskar oksijin ko na taimaka wa numfashi cikin barci, ba zan taɓa ba wa kowa shawarar ya gwada su a kanta ba, sai dai in takardar na'urar ce da kanta ta halatta.

Ba zan zalunci mai arahar ba, akwai inda ta yi min aiki tsaf. Duk abin da aikinsa dumama wayar da ke cikinsa ne kawai, irin dutsen guga, butar lantarki da kwan fitila mai zare, bai damu da siffar wuta ba, muddin wat ɗin inbatar da batirin sun isa. Cajar waya da ta kwamfuta da yawancin talabijin na zamani kuma suna fara mayar da wutar ta zama miƙaƙƙiya irin ta batir kafin su yi amfani da ita, don haka galibi suna jurewa. Cajar kwamfutata takan ɗan fi ɗumi, wani lokacin da siririn kuka, amma wata takwas ba ta gaza ba.

Ranar da aka haɗa mai santsin, fankar nan da na ce ta tsufa ta juya shiru, sai ƙarar iska. Bayan awa uku bayan kanta ɗumi ne kawai. Firij ya tashi a bugu ɗaya, kuma tun ranar ban sake jin ƙas ɗin nan ba. Tsohuwar mitata ma ta nuna 230, domin ta samu irin wutar da ta sani.

Ita ma tana da nata. Ta fi tsada sosai, ta fi nauyi, kuma tawa tana cin batir ko ba a kunna komai ba. Na auna kusan amfiya 1, tsohuwar kuwa ba ta kai rabin haka ba. Amfiya 1 a bolt 12 wat 12 ke nan, in ta wuni ta kwana a kunne ta sha kusan wat-awa 290 a banza, abin da ƙaramin batir zai ji a jikinsa. Na koyi kashe ta idan zan fita, sai in firij na kanta. Kuma santsin wuta ba ya maye gurbin ƙarfi: wanda zai ɗora firij ko injin ruwa dole ya duba ƙarfin tashi da aka rubuta mata, ba wat ɗin yau da kullum kaɗai ba.

Shawarata ga mai shirin saya ita ce ya zagaya gidansa ya lissafa abin da zai soka. In akwai abu ko ɗaya mai moto, ko mai taransifoma mai nauyi, ko ɗan abin caji da ake sokawa kai tsaye, ya haƙura ya tara kuɗin mai santsi. In caja ce kawai da kwamfuta da talabijin, mai matakala za ta riƙe shi. Tawa tsohuwar ban yar ba, tana nan da ƙaramin batir ina cajin wayoyi da ita, na kuma liƙa takarda a jikinta na rubuta: ban da fanka, ban da firij, ban da fitilar caji.