Kaya daga Guangzhou zuwa Damagaram cikin mako uku: wace hanya ce za ta kai?

"Ina da kwali 30 na famfunan ban ruwa a Guangzhou, manoman rani na Mirriya suna jiran su nan da mako uku. Jirgin ruwa, jirgin sama, mota ko jirgin ƙasa?"

Alhaji, a fara cire jirgin ƙasa daga lissafi. Layin dogo na Yamai zuwa Dosso ba ya aiki, na Kwatano kuma ya tsaya a Parakou, saboda haka babu kayan da za su iso Damagaram ta wannan hanya.

Jirgin ruwa shi ne mafi araha nesa ba kusa ba, amma daga Sin zuwa tashar Lome kwantena takan yi sama da wata guda a teku. Bayan an rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023, kaya da yawa sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, inda motoci ke jiran rakiyar sojoji kafin su wuce, kuma babu direban da zai iya yanke maka ranar isowa. Daga Yamai ma akwai sauran kilomita wajen 900. Mota ba zaɓi ba ce ita kaɗai, domin ko ta ina kayan suka sauka, ita ce za ta ƙarasa da su gida.

Abin da ya rage shi ne jirgin sama, sai dai akwai lissafin da ke kayar da ƴan kasuwa da yawa. Ana auna kwali da santimita, a ninka tsawo da faɗi da zurfi, a raba da 6000, sannan a kwatanta sakamakon da nauyin sikeli, ka biya kuɗin wanda ya fi yawa. Kwali mai 60 da 50 da 40 zai ba da kilo 20, ko da nauyinsa na gaske kilo 12 ne. Idan haka kwalayenka suke, kuɗin kilo 600 za ka biya maimakon 360, don haka ka sa a matse kayan a ƙananan kwalaye tun can. Ka kuma tambaya ko akwai batirin litiyam a ciki, domin yana buƙatar takardu na musamman, kuma rashinsu kan sa a ƙi ɗaukar kayan.

Kano ta fi kusa da mu ƙwarai, amma sauka a can yana nufin ka bi ta hannun kwastan na Nijeriya sannan duwan na Nijar, ga takardar wucewa da kaya. Ni dai da wa'adi irin wannan na fi natsuwa da Yamai: duwan ɗaya, sai motar kwana biyu ko uku. Ka aika wa mai fitar maka da kaya rasit da jerin kayan kafin jirgi ya tashi.

Idan kuɗin ya yi nauyi, ka ɗora wa jirgin sama famfunan da aka riga aka biya, sauran su biyo ruwa.