Na goge bidiyon walimarmu a YouTube, amma wani guntu ya rage a wayoyin mutane

A watan Disambar 2024 muka yi walimar auren ƙanwata, na haska ta kai tsaye a YouTube saboda 'yan uwanmu da ke Jidda da Kumasi. An yi kusan awa biyu. Sai da aka watse na gane cewa na ajiye wayar kusa da iyayenmu mata tana ci gaba da ɗauka, har ta naɗi hirar da suke yi kan kayan ɗaki da bashin da aka ci. Gwaggona ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, ka sauke abin nan kafin dangin miji su ji."

Saukewar ba ta ba ni wahala ba. Na shiga YouTube Studio, na buɗe Content, sannan Live. Na fara mayar da bidiyon Private don a daina gani nan take, na danna Download na adana wa amarya nata, kana na danna Delete forever. Wannan gogewar ba ta da gyara, don haka duk mai son kwafi ya danna Download tun kafin ya goge.

Abin da ya hana ni barci shi ne guntayen da masu kallo suka yanka. A nan na fahimci iri biyu ne. Wasu sun yi amfani da maɓallin Clip, wanda a lokacin yake yanko daƙiƙa 5 zuwa 60. Irin wannan guntu ba kwafi ba ne, nuni kawai yake yi zuwa wani wuri a cikin ainihin bidiyon. Tun da na mayar da shi Private suka daina buɗuwa. Na gwada biyu da aka turo zauren danginmu, babu wanda ya yi aiki. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, ya kuma rufa mana asiri.

Ɗaya irin kuwa shi ne na wanda ya naɗi fuskar wayarsa yana kallo. Wannan ya zama fayil mai zaman kansa, gogewata ba ta taɓa shi ba. Gane shi ba wuya: maimakon adireshi mai ɗauke da /clip/, za ka ga bidiyo ne da ke buɗewa a cikin WhatsApp, sau da yawa har da agogo da alamar batir a samansa. Wata 'yar uwa ta sa irinsa a Status. Bayan awa 24 ya ɓace daga can, amma yana nan a wayarta da ta duk wanda ta tura wa.

Babu maɓallin da zai kai hannu can. Waya na ɗauka na bi mutum huɗu ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Uku sun goge, ta huɗun ta ce ta riga ta tura wa ƙawarta a Zinder, sai na nemi lambar ƙawar.