Naɗe kwatangwalo ko lanƙwasa tsatso: wa ke ɗaukar nauyin a dedlif?

Tambayar wani ɗan uwa daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi: "Ƴan uwa masu ɗaga ƙarfe, ina jan kilo 100 daga ƙasa. In na bar bayana ya rankwafa sai ƙarfen ya tashi da sauƙi, in na miƙe shi sai ya yi mini nauyi. To me ya sa kowa ke cewa in miƙe baya? Ina bambancin yake?"

Ƙanena, abin da jikinka ya gaya maka gaskiya ne, kuma yana da dalili. Sai dai kilo 100 ɗin nan ba ya raguwa don ka rankwafa, mai ɗaukarsa ne ke canzawa. Bari mu jera mutum biyu gaban sanda ɗaya, tsawonsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, mu bi su daga ƙasa har su miƙe, wato ɗagawar da ake kira dedlif.

Na farko yana naɗewa a kwatangwalo, wato mahaɗar da kan ƙashin cinya ke shiga ƙashin ƙugu. Yana tura ɗuwawu baya, gwiwa ta ɗan saki, ƙashin ƙugu ya juyo gaba tare da gadon baya gaba ɗaya, kamar ƙyauren ƙofa da ke juyawa a gefe guda shi kuwa allon bai tanƙware ba. Na biyu shi ma yana duƙawa, amma ƙashin ƙugunsa yana tsayawa a rabin hanya, sai tsatso ya cike sauran. Tsatso ƙasusuwa biyar ne a jere, su ne ake rubutawa L1 zuwa L5 a takardar hoton asibiti, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai tauri a gefe, mai laushi a ciki. Wurin na farko ƙasusuwan nan biyar suna riƙe da ɗan gantsarewarsu ta halitta. Wurin na biyu sun juye sun yi doro.

Mu fara da sauƙin da kake ji. Wahalar ɗaga abu nauyinsa ne sau nisansa daga mahaɗar da ke aikin, kuma nisan ana auna shi a kwance. Baya in ya rankwafa yana gajarta, don haka ɗuwawun na biyu suna matsowa kusa da sanda. Kwatangwalonsa ya samu rangwame ke nan, ƙarfe ya bar ƙasa da wuri. Na farko bayansa na nan da tsawonsa, ɗuwawunsa suna can nesa, tsokar ɗuwawu da ta bayan cinya su ke biyan dukan kuɗin tun daga ƙasa. Shi ya sa tashin farko yake yi masa nauyi. Amma ka dube su in sanda ta wuce gwiwa. Na farko tura ƙugu gaba kawai zai yi, ya miƙe. Na biyu ƙugunsa ya riga ya kusa gama nasa aikin, saura warware doron tsatso ƙashi bayan ƙashi da kilo 100 a hannu, kuma nan ne za ka ga sanda ta maƙale a cinya mutum yana karkarwa.

Ga lissafi na misali, da adadin da ya yi kusa da na matsakaicin mutum. A ce wurin na farko sanda tana santimita 30 gaban tsatsonsa: 100 sau 30, 3,000. Gangar jikinsa ta sama ita ma kaya ce, a ce kilo 35 a nisan santimita 20, wato 700. Jimla 3,700. Tsokokin da ke miƙar da baya kuwa suna kusa ƙwarai da ƙashin, kamar santimita 6 kacal a bayansa, don haka sai sun ja da ƙarfin 3,700 a raba 6, wajen kilo 620, kuma wannan jan yana matse faifan tsatso. Na biyu ya rage nisan, a ce 27 da 18, jimla 3,330. Sai dai doro yana manna tsokokin jikin ƙashi, ratarsu ta koma kamar santimita 5, amsa ta fito wajen kilo 670. Ka ga matsin su biyun bai yi nisa da juna ba. Wanda ya ce maka rankwafawa tana ninka nauyi sau goma ya yi ƙari. Ainihin bambancin yana wajen inda matsin ke sauka da kuma abin da ke tare shi.

Wurin na farko ƙasusuwan suna zaune daidai a kan juna, matsin ya bazu a faɗin faifan, kuma faifai yana jure irin wannan ƙwarai. Wurin na biyu gaban ƙasusuwan ya haɗe, bayansu ya buɗe. Gaban faifan ya matse, bangonsa na baya ya miƙe ya yi siriri, laushin ciki kuma ana tura shi baya, daidai gefen da jijiyoyin da ke sauka ƙafa suke fitowa. Yawancin ɓullowar faifan tsatso a mahaɗa biyu na ƙarshe take faruwa, L4 da L5, sai L5 da ƙashin da ke ƙarƙashinsa.

Akwai abu na biyu da mutane ba su cika sani ba, mu kuwa a ganinmu shi ya fi muhimmanci. Idan mutum ya duƙa da kaya, nauyin ba matse tsatso kaɗai yake yi ba, yana kuma neman zamar da ƙashin sama gaba a kan na ƙasa. Tsokokin tsatso a karkace suke tafiya, suna jan kowane ƙashi baya da ƙasa, wannan karkatar ce ke hana zamewar. Stuart McGill na jami'ar Waterloo a Kanada da abokan aikinsa sun auna ta a shekarar 2000: tsatso a miƙe, zaren tsokar yana karkace wajen digiri 25, in ya rankwafa har ƙarshe sai ya koma wajen digiri 10. Ya kusa kwantawa a jikin ƙashin ke nan, ba ya iya jan komai baya. Sai aikin ya koma kan faifai da igiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan, waɗanda ba sa tsukewa da umarninka kamar tsoka, miƙewa kawai suke yi. Na farko yana riƙe da kayan da nama mai gajiya ya huta ya ƙara ƙarfi cikin kwanaki. Na biyu ya rataya wani kaso a kan guringuntsi da igiya, masu ƙarancin jini, masu jinkirin warkewa.

Kada a ɗauki wannan a matsayin cewa duk rankwafawa rauni ce. Ko wanda ka gani a miƙe, tsatsonsa yana ɗan lanƙwasa a ƙasan dedlif, ba laifi. Wasu manyan masu gasa ma da gangan suke sakin bayansu na sama, wajen allon kafaɗa, inda haƙarƙari ke tallafe, amma suna kulle shi haka tun kafin ja, ba ya ƙaruwa. Abin gudu shi ne tsatso ya kai ƙarshen lanƙwasarsa, ko ya fara a miƙe ya yi ta karyewa sanda na tashi, kuma a maimaita haka mako bayan mako da nauyi mai yawa.

Yadda za ka zama na farko: ƙafa a buɗe daidai faɗin ƙugu, sanda a saman tsakiyar ƙafa, santimita 2 zuwa 3 daga ƙwauri. Tura ɗuwawu baya har hannu ya kai sanda, sannan ka saki gwiwa har ƙwauri ya taɓa ta, kada ka tura ta gaba. Ɗaga ƙirji ba tare da ka sauke ɗuwawu ba. Ja iska ta cika ciki da gefensa, ka tsuke kamar mai jiran naushi, ka matse hamata, ka ɗan ja sandar har ka ji nauyinta a hannu kafin ta tashi. Sannan ka tura ƙasa da ƙafa, kafaɗa da ƙugu su tashi tare, sanda tana goge ƙafa duk tsawon hanya. Gogewar nan ba ado ba ce. A lissafinmu na ɗazu, in sanda ta yi gaba da santimita 5 kawai, 500 ya ƙaru, a raba 6, tsokar tsatso ta samu ƙarin kilo 80 da ɗoriya.

Don ka gane inda naka kwatangwalon ke tsayawa, samu muciya ko sanda doguwa ka ɗora a baya, ta taɓa ƙeya, tsakanin allon kafaɗa, da ƙashin da ke saman tsagar ɗuwawu. Duƙa a hankali. Daidai lokacin da ta bar na ƙasan, ko tsatso ya cike ɗan ramin da ke tsakaninsa da sandar ya tura ta, nan naɗewarka ta ƙare. Duba inda yatsunka suka kai a ƙwauri. In ba su sauka zuwa daidai inda sandar ƙarfenka take ba, kowane ja da kake yi daga ƙasa da tsatso kake fara shi.

Nan ne kayan aikinmu na Maraɗi ke shigowa. Farantin gasa faɗinsa santimita 45 ne, don haka sanda tana wajen santimita 22 daga ƙasa. Farantan siminti da ake zubawa a gida, ko ƙarafan mota da mai walda ya haɗa, sau da yawa ba su kai haka ba, a kan rairayi kuma sai su ƙara nutsewa. Sandar da ke santimita 12 daga ƙasa za ta rankwafar da kusan kowa. Auna taka. In ta yi ƙasa, ɗora farantan a kan bulo ko katako mai kauri, ka tsaya a daɓe ko ƙasa mai tauri, ko dai ba takalmi ko kuma da takalmi marar tudu.

Shawararmu a kan kilo 100 ɗinka: sauka zuwa 60 ko 70, ja biyar a jere, zagaye uku, sau biyu a mako, kowane ja ka ajiye ka sake shiri. Wani ya ɗauke ka a salula daga gefe, a tsawon ƙugu. In ɗuwawu suna riga kafaɗa tashi, ko tsatso ya canza siffa tsakanin ƙasa da gwiwa, nauyin ya fi ƙarfin naɗewarka. In ya tsaya yadda ya fara a dukan zagayen uku, ƙara kilo 2.5 zuwa 5 a mako mai zuwa. Washegari tsami a ɗuwawu da bayan cinya, har da ɗan gajiya a naman baya gefe biyu, alama ce mai kyau. Ciwo mai suka a wuri ɗaya da ke ƙaruwa in ka zauna ko ka yi tari, ko wanda ke sauka ƙafa da mutuwar yatsu, ya ce a ajiye ƙarfe a ga likita. In kuwa ƙafa ta yi rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya riƙe ko ya zubo ba da sani ba, wannan asibiti ne a ranar, ba sai gobe ba.