Agogo ya ce 520, lissafi ya ce 240

"Jama'a, nauyina kilo 80. Na yi tafiyar sauri ta awa ɗaya a filin wasa na Agege, agogona ya ce na ƙona kalori 520, wani aboki ya ce da ƙyar in ya kai rabin haka. Wa zan yarda da shi?"

Ɗan'uwa, abokinka ya fi kusa da gaskiya. Bari mu ajiye agogo da lissafin hannu gefe da gefe.

Lissafin hannu da nauyi yake aiki. Mutum a zaune yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo cikin awa guda, wato kai 80 ke nan ko da kana kishingiɗe. Tafiyar sauri tana ninka wannan kamar sau huɗu, ya zama 320. Cire 80 ɗin da za ka ƙona ko ba ka fita ba, abin da tafiyar ta ƙara maka 240 ne.

Shi kuwa agogo ba ya auna kalori ko kaɗan. Koren hasken da ke bayansa bugun zuciya yake karantawa, sai ya haɗa da lilon hannunka da shekaru da nauyin da ka shigar, ya yi kirdado. Matsalar ita ce ba aiki kaɗai ke ɗaga bugun zuciya ba. A zafin Legas mai gumi, zuciya tana ƙara gudu don ta kai jini fata jiki ya huce, agogo kuma sai ya ɗauka ƙoƙari ka ƙara. Kofi da rashin barci ma haka. In madaurin ya yi sako-sako, karatun kansa ya rikice. Sannan ka duba allon da kyau: adadin da aka rubuta wa Total ya haɗa da 80 ɗin nan na zama, wanda aka rubuta wa Active ne ya cire shi.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada agoguna bakwai. A bugun zuciya, shida sun yi kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba. A kalori kuwa, wanda ya fi dacewa ya kauce da kusan kashi 27, na ƙarshe da kashi 93. Kuskuren kan yi ƙasa wani lokaci, ba kullum sama ba.

Lissafin hannu ma yana da gurgunta, domin bai san ka hau tudu ko ka rage sauri ba. A nan agogo ya fi shi: in hanya ɗaya ce, lokaci ɗaya, zai nuna maka ko yau ka fi jiya. Ni iyakar abin da nake ba shi ke nan.

Amma a maganar abinci, riƙe 240. Lemon kwalba mai rabin lita ya kai wajen 200, ka ga shi kaɗai ya kusa cinye tafiyar. Gyara nauyinka a manhajar agogon, ka ɗaura agogon dam a saman ƙashin wuyan hannu, ka riƙa hawa sikeli da safe kafin karin kumallo. In mako uku ya wuce nauyi bai motsa ba, abin da kake ci ya yi daidai da abin da kake ƙonawa, komai agogo ya rubuta.